Yadda za ka fitar da rizaltan na ƙarfi da yawa da suka haɗu a wuri ɗaya

To ƙanina, zauna mu warware wannan darasin, don shi ne tushen statiks gaba ɗaya, in ka kama shi da kyau a shekarar farko sauran ba za su ba ka wahala sosai ba. Maganar ita ce, akwai ƙarfi uku ko huɗu ko ma goma suna jan abu ɗaya, layukansu duka sun bi ta ɗigo ɗaya, kuma duk a kan shimfiɗa ɗaya suke, wato duk za ka iya kwantar da su a fejin takarda. Ana so ka nemo ƙarfi ɗaya tal wanda in aka cire su aka sa shi zai yi aikin da suke yi daidai. Shi ake kira rizaltan, R. Tunda a ɗigo ɗaya suka haɗu babu zancen juya abu a nan, girman R da inda ya fuskanta kawai ake nema.

Ƙarfi bekta ne, yana da girma yana da alkibla, shi ya sa ba a tara shi kamar lambobi haka kawai. Eh, kana iya haɗa biyu da zanen faralelogiram, ka ɗauki abin da ya fito ka haɗa da na uku, haka haka, amma kafin ka kai na huɗu ka gaji kuma kuskure ya riga ya shige ba ka sani ba. Hanyar kwamfonan ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka fasa kowane ƙarfi gida biyu, rabon da ya tafi kwance a layin x da rabon da ya tafi tsaye a layin y. Abin da ya sa wannan yake aiki shi ne x da y a kusurwar 90° suke, wanda ya ja dama zalla bai ƙara wa sama komai ba bai rage ba, to na layi ɗaya kuwa sai ka tara su kai tsaye, na dama da na sama fulos, na hagu da na ƙasa mainos.

Idan ka auna kusurwar θ daga layin x na dama kana juyawa saɓanin hannun agogo:

```
Fx = F cos θ
Fy = F sin θ
Rx = ΣFx ,  Ry = ΣFy
R = √(Rx² + Ry²)
tan α = |Ry| / |Rx|
```

Layin R ɗin nan Fitagoras ne ka sani tun sakandare, Rx da Ry su ne gefuna biyu, R shi ne dogon gefen, α kuma ita ce ƙaramar kusurwar da ke tsakanin R da layin x.

Bari mu ɗauki zoben ƙarfe da igiyoyi huɗu ke ja. F1 = 200 N a 30°, F2 = 150 N a 120°, F3 = 250 N a 200°, sai F4 = 80 N yana ja ƙasa sak, wato 270°. Kafin ka taɓa kalkuleta zana su tukuna, ɗigo a tsakiya, kibiyoyi huɗu suna fita daga cikinsa, don Allah kar ka tsallake zanen nan, shi ne zai faɗa maka in lissafi ya karkace. Sannan ka leƙa fuskar kalkuletarka ka tabbata DEG take nunawa ba RAD ba, gwada sin 30, in ba 0.5 ta ba ka ba to gyara kafin ka ci gaba.

```
F1:  x = +173.2    y = +100.0
F2:  x =  −75.0    y = +129.9
F3:  x = −234.9    y =  −85.5
F4:  x =    0      y =  −80.0
Rx = −136.7 N      Ry = +64.4 N
```

Duba kowane layi da zanenka. F2 ya nufi sama ta hagu, dole x nasa ya zo mainos y ya zo fulos, haka kuwa ya zo. F3 ya kusa kwanciya a hagu, 20° kawai ya sauka ƙasa da layin, shi ya sa kusan duk ƙarfinsa ya zube a x, ɗan kaɗan ya rage wa y. F4 ba shi da rabo a x ko kaɗan. Irin wannan dubawar ba ta cin lokaci amma tana ceton maki sosai.

Yanzu R = √(136.7² + 64.4²) = 151.1 N. Ka lura, in da tara su ka yi kai tsaye 680 N za ka samu, alhali abin da zoben ke ji bai kai kwatan wannan ba, saboda igiyoyin suna cinye ƙarfin juna.

Sai kusurwa, kuma nan ne na fi so ka nutsu don nan ɗalibai suka fi zubewa bayan sun gama duk wahalar. In ka danna tan⁻¹ na 64.4 a raba da −136.7, kalkuleta za ta ce −25.2°. Wanda bai yi zane ba sai ya kwafe ya ja layi biyu a ƙasa. To amma −25.2° ƙasa ta dama ke nan, mu kuma Rx ɗinmu mainos ne Ry fulos, wato sama ta hagu, ka ga amsar ta juya wa gaskiya baya gaba ɗaya. Ba laifin kalkuleta ba ne, tan⁻¹ tsakanin −90° da +90° kawai take ba da amsa, ba ta san ko mainos ɗin daga sama ya fito ko daga ƙasa ba. Shawarata, ka yi lissafin da lambobin ba alama ka samu α = 25.2°, sannan ka zana ɗan kibiyar Rx zuwa hagu da ta Ry zuwa sama ka ga da idonka inda R ya faɗa. A nan θ = 180° − 25.2° = 154.8°. Amsa cikakkiya ita ce 151.1 N a 154.8° daga layin x na dama, ko ka ce 25.2° sama da layin x na hagu, duk ɗaya ne, kawai ka faɗi daga ina ka auna, kuma kar ka bar N ɗin.

Wani tarkon kuma, ba kullum ake ba ka kusurwa daga x ba. In aka ce ƙarfin ya yi 40° da layin tsaye, to cos ya koma wajen y, sin ya koma wajen x. Kar ka haddace cewa x kullum cos ne, abin riƙewa shi ne gefen da ke manne da kusurwar shi ke ɗaukar cos. Ko ka maida kusurwar zuwa ma'auni daga x ka huta. Wani lokaci ma ba digiri za a ba ka ba, ɗan alwatika za ka gani jikin kibiyar an rubuta 3, 4, 5, a nan ba ka buƙatar sin ko cos, in 4 ne a kwance to Fx = (4/5)F, Fy = (3/5)F, alamar kuma daga zane za ka ɗauko ta.

In Rx da Ry duka suka fito sifili, zoben ba inda za shi, ƙarfin sun daidaita. A misalinmu in kana son tsayar da shi sai ka ƙara igiya ta biyar mai 151.1 N tana ja kishiyar R, a 334.8°, kuma daga nan babin daidaito zai ɗora.

Gwada wannan da hannunka kafin ka kalli amsa. 100 N yana ja dama sak, 110 N yana ja ƙasa sak, sai 50 N mai alwatikan 3, 4, 5 da ya tafi 3 hagu 4 sama. Ya kamata ka samu Rx = +70 N, Ry = −70 N, R kusan 99 N a 315°. In wani abu daban ka samu, fara duba alamar x na 50 N ɗin nan, −30 ya kamata ta zama.