Yadda za ka cire farin bayan tambarin makarantar Islamiyya ba tare da ka lalata gefensa ba

Salamu alaikum ƙanena. Na ga abin da ka turo mini jiya da daddare, kuma na ga ƙoƙarinka, amma kada ka kai shi wurin bugu tukuna. Ɗora tambarin a kan shuɗin banar nan mai duhu, ka zuƙo shi zuwa 400%, ka dubi bakin da'irar da kuma haruffan da ke ƙasa. Akwai wani siririn farin zare da ya zagaye su kamar an shafa alli, kuma inda babu zaren gefen ya yi haƙora kamar zarto. Ranar Alhamis za a ɗaura banar a wurin walimar saukar karatu, iyaye za su tsaya a gabanta su ɗauki hoto, kuma tambarin ne ido zai fara sauka a kai. Tunda ba zan dawo Kano ba sai Asabar, ga yadda za ka gyara shi da kanka.

Kafin ka taɓa komai, kira malamin da ya kawo aikin ka tambaye shi ko wanda ya fara zana musu tambarin yana da ainihin fayil ɗin, CDR ko AI ko SVG ko PDF. In an samu, aiki ya ƙare, buɗewa kawai za ka yi ka fitar da PNG. In babu, ka roƙe shi ya sake turo hoton ta WhatsApp amma a matsayin Document, domin wanda ke hannunmu an turo shi ne a matsayin hoto, an matse shi, shi ya sa kake ganin datti-datti a jikin farin.

Yanzu ga dalilin farin zaren, kuma ka tsaya ka fahimce shi, don in ka gane wannan ba za ka sake buƙatar in nuna maka ba. Hoto ɗigo-ɗigo ne masu kusurwa huɗu, su ake kira fiksel. Layin da ya lanƙwasa ba ya bin bakin fiksel daidai, sai ya ratsa ta tsakiyar wasu. To fiksel ɗin da kore ya ci rabinsa, fari ya ci rabi, kwamfuta ba ta iya raba shi biyu, sai ta gauraya launukan ta ba shi kore mai haske. Waɗannan 'yan ɗigon na tsaka-tsaki su ne suke sa ido ya ga gefe sumul. Lissafin kenan:

```
C = a*F + (1 - a)*255
```

C shi ne launin da kake gani, F ainihin launin tambarin, 255 fari ne, a kuwa shi ne yawan wurin da tambarin ya rufe, daga 0 zuwa 1. Ɗauki baƙin rubutu a kan farar takarda. In ka ga fiksel mai toka 128 a gefen harafi, ba toka ba ce a asali, baƙi ne da ya rufe rabi. Abin da ka yi jiya, wato zaɓar farin da Fuzzy Select a GIMP ka danna Delete, bai san da wannan ba. Shi abu biyu ya sani: a goge ko a bari. In ya bar ɗigon tsaka-tsakin, farin da ke gauraye a cikinsu ya bayyana a kan shuɗi, ga zare. In ka ƙara Threshold ya cinye su, ga haƙora. Duk yadda ka juya lambar, ɗayan biyun za ka samu.

Abin da muke so shi ne a zare farin daga cikin kowane ɗigo, a bar shi da ainihin launinsa, a kuma ba shi rabin gani. PNG yana iya wannan saboda bayan ja da kore da shuɗi yana da hanya ta huɗu, alfa, mai matakai 256, daga 0 wanda ba a ganinsa sam zuwa 255 wanda ya rufe ruf. JPEG ba shi da alfa ko kaɗan. GIF kuma mataki biyu kawai gare shi, shi ya sa tsofaffin tambura na intanet suke da irin gefen nan.

Buɗe hoton a GIMP da ke kwamfutar shago. Duba Image > Mode ka tabbatar yana kan RGB. Sai Layer > Transparency > Add Alpha Channel. Daga nan ƙirƙiri sabuwar leya a ƙarƙashinsa ka cika ta da shuɗin banar, domin duk abin da za ka yi ka riƙa ganin sakamakonsa a kan launin da zai zauna. Wannan bangon mai kama da allon dara da GIMP yake nunawa yana ɓoye aibi, launinsa toka-toka ne, farin zare ba ya fitowa sosai a kansa.

Kayan aikin da zai yi mana aikin shi ne Colors > Color to Alpha. Lissafin da na rubuta a sama yake warwarewa ta baya: ka ce masa fari, shi kuma ya cire fari daga kowane fiksel gwargwadon yadda yake ciki. Sai dai kada ka sake shi a kan hoton gaba ɗaya, saboda wannan tambarin yana da tarko biyu.

Na farko, buɗaɗɗen littafin da ke tsakiyar da'irar fari ne, kuma farinsa na tambarin ne. In ya tafi, shuɗin banar zai leƙo ta wurin, malaman makarantar kuma ba za su yarda da shuɗin littafi ba. Na biyu ya fi ɓuya. Ruwan gwal ɗin haruffan na auna shi, 240, 190, 70 ne. Color to Alpha yana kallon lambar da ta fi nisa da fari, wato 70, ya ce 255 a cire 70 saura 185, a raba da 255, ya ba shi alfa kusan kashi 73 cikin ɗari. A wurinsa gwal ɗin nan launi ne mai ƙarfi da aka sirka da fari. A kan fari ba za ka ga bambanci ba, amma a kan shuɗi mai duhu gwal ɗin zai dushe ya koma kamar ruwan ƙasa. Koren da'irar, 11, 93, 59, shi kusan kashi 96 zai samu, matsalarsa kaɗan ce.

Don haka sai ka killace wurin aikin. Koma kan leyar tambarin, ɗauki Fuzzy Select, Threshold a 15, danna farin da ke waje. Riƙe Shift ka danna cikin ramukan haruffa ɗaya bayan ɗaya, kada ka manta ko ɗaya, amma kada ka taɓa littafin. A nan ba gogewa za ka yi ba. Je ka Select > Grow ka ba shi 3, zaɓin zai kutsa cikin tambarin da fiksel uku ya haɗa da duk ɗigon tsaka-tsakin. In hoton da malamin ya sake turowa ya fi wannan girma sosai, gefensa mai laushi ma zai fi faɗi, sai ka ba shi 4 ko 5. Zuƙo ka ƙirga da idonka.

Yanzu buɗe Color to Alpha, Color ya zama fari. Akwai ma'auni biyu a ƙasa, kuma su ne mutane suke tsallakewa. Transparency threshold na dattin JPEG ne: duk abin da ya yi kusa da fari sosai, irin su 250 da 247, a share shi ɗungurungum. Fara da 0.04, ka ɗaga a hankali har ƙurar da ke kewaye da haruffa ta ɓace. Kada ka wuce bukata, don duk abin da ka ƙara daga laushin gefen kake ci. Opacity threshold kuma shi ne mai ceton gwal: duk launin da ya yi nisa da fari fiye da wannan lambar, a bar shi a rufe. Sauko da shi daga 1.0 zuwa wajen 0.7 kana kallon haruffan a kan shuɗin, inda ka ga gwal ɗin bakin harafi ya yi daidai da na cikinsa, tsaya nan. Danna OK, sannan Select > None.

Gwada shi a kan launi uku kafin ka yarda da shi: shuɗin banar, baƙi wuluk, da ja mai haske. Baƙi yana tona farin zare, ja yana tona inda tambarin ya huje. In akwai ragowar ƙura nesa da tambarin, Eraser ya isa, amma kada ka kai shi bakin gefen.

Akwai kuma baƙin hatimin makarantar da suke so a buga da fari a bayan rigunan ɗalibai. Shi launi ɗaya ne, hanyarsa ta fi sauƙi kuma ta fi tsabta, ni ita na fi so a duk inda ta yiwu. Layer > Mask > Add Layer Mask, zaɓi Grayscale copy of layer, ka sa alama a Invert mask. Duhun hoton ya zama alfa kenan. Kana kan mask ɗin, buɗe Colors > Levels, matso da alamar hagu kaɗan don dattin takarda ya tafi, ta dama kuma don cikin haruffa ya rufe sosai. Sai ka danna hoton leyar kanta, ka sa fari a launin gaba, Edit > Fill with FG Color. Babu sauran tsohon launi a ko'ina, don haka babu inda zare zai fito. In ka fi son ImageMagick, layi ɗaya ne:

```
magick hatimi.jpg -colorspace Gray -negate -level 5%,90% -background white -alpha shape hatimi.png
```

Za ka ci karo da masu cewa a yi amfani da `-fuzz 10% -transparent white`. Wannan Fuzzy Select da Delete ne a wata riga, haƙoran nan dai zai ba ka. Haka ma Multiply: a kan takarda mai haske yana rufa asiri, amma bai cire komai ba, kuma a kan shuɗi mai duhu tambarin nutsewa zai yi.

Wurin fitarwa, goge leyar gwajin ko ka rufe idonta. Kada ka danna Flatten Image, yana cire alfa ya mayar da bango. Kada kuma ka mayar da hoton Indexed don rage nauyi, a GIMP hakan yana mayar da alfa mataki biyu, duk wahalarka ta tafi. File > Export As, sunan ya ƙare da .png. Ajiye XCF ɗin ma a jakar aikin, don in sun dawo da gyara.

Sai maganar girma. Faɗin hoton fiksel 900 ne, a banar kuma tambarin zai kai santimita 60, wato kusan fiksel 38 a kowane inci. Daga nesa zai wuce, amma mai tsayawa kusa zai ga ya yi hazo, kuma cire bango ba ya ƙara wa hoto kaifi. In malamin bai samo babba ba, ka rage tambarin zuwa santimita 35 a wannan karon, in na dawo mu zauna mu sake zana shi a CorelDRAW su huta har gaba.

In ka gama, turo mini PNG ɗin a matsayin Document. In ka turo shi a matsayin hoto, WhatsApp zai mayar da shi JPEG, bango ya dawo, ba zan iya duba komai ba. Haka za ka tura wa mai bugun ma, ko ka kai masa a filashi. Ka gaida mutanen shago.