Alhaji, Bari Mu Yi Lissafin Man Inji Tukuna

Salamu alaikum, Alhaji. Barka da kasuwa, ya ciniki? Allah ya ƙara buɗi. Sallami mai sukarin nan tukuna, ba sauri nake yi ba, zan jira a kan benci.

Sunana Nura, aikin sola nake yi. Shagona na nan bayan tashar mota, kusa da masu walda, kuma ni na haɗa wa mai kemis ɗin da ke kallon masallacin Juma'a nasa, in kana wucewa za ka ga faifai huɗu a saman rufinsa. Minti goma kawai nake roƙo. In ka ji maganar ba ta yi maka ba, mu yi musabaha in tafi, babu komai.

Tun daga bakin layi nake jin ƙarar injinka. Kai da kake zaune kusa da shi tun safe har kunnenka ya saba, amma mai saye sai ya ɗaga murya kafin ka ji me yake so. Yau da ƙarfe nawa suka ɗauke wuta? Tun asuba? To ka gani. Kuma ranar da suka kawo, wani lokaci sai ta zo ba ƙarfi, kwan fitila ya yi ja, firiza ta yi ta gurnani ta kasa tashi. Irin wannan wutar ita ke ƙona kwamfireso, gara ma babu ita.

Ranka ya daɗe, lita nawa injin nan ke sha a rana? Biyar? Mu ɗauka lita naira 1,000 don lissafi ya yi sauƙi, ka gyara da farashin da ka saya yau. Naira 5,000 ke nan kullum, 150,000 a wata, miliyan ɗaya da dubu 800 a shekara. Ban sa baƙin mai ba, ban sa fulogi ba, ban sa kuɗin mai gyara ba, balle kuɗin wuta da ake kawo maka takardarsa ƙarshen wata. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba, lokacin mutum zai iya kawar da kai. Yanzu kuwa ribar katan nawa na lemo za ka haɗa kafin ka cika tankin nan? Kuɗin da nake so mu yi magana a kai, Alhaji, kana kashe su tuni. Kullum suna fita daga aljihun teburinka, su bi hayaƙi, gobe kuma a sake.

Ga kuma asarar da ba a rubutawa a littafi. Ƙarfe goma ka kashe inji ka rufe shago, firiza ta kwana ba wuta, da safe ƙanƙara ta zama ruwa, yogot ya fara tsami. A watan Afrilu, rana na tsakiya, yaro ya zo da kuɗinsa neman ruwa mai sanyi, ya taɓa leda ya ji ta da ɗumi, ya mayar ya wuce shagon gaba. Ba zai ce maka komai ba, amma gobe can zai nufa kai tsaye. Da azumi kuwa ka fi ni sani, daga la'asar zuwa shan ruwa ake yin cinikin yini guda, kuma mai sanyi shi ke da kasuwa.

To ga yadda abin yake aiki. Abu uku ne: faifai a sama, inbata, da batir. Faifai su ke karɓar rana, inbata ta mai da ita irin wutar da firiza da fanka ke amfani da ita, batir ya ajiye ragowar don dare. Mu a nan Kano Allah ya hore mana rana, muna samun awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi a yawancin kwanakin shekara. Faifai ɗaya mai wat 550 yana ba da yunit biyu da wani abu a yini, irin yunit ɗin da kake saya a mita. Na leƙa na ga firiza biyu, firji mai gilashi ɗaya, fanka biyu, ƙwayayen fitila, na'urar POS, da wayoyin da ake caji. A ido, faifai shida da batir mai ɗaukar yunit biyar za su riƙe wannan. Amma ni ba na yanke farashi da ido. Firiza tana jan wuta ninki uku ko fiye a daidai lokacin da take tashi, in aka ba ka ƙaramar inbata don a rage maka kuɗi, duk sanda biyun suka tashi tare sai ta yi ƙara ta mutu.

Na san abin da za ka ce: wane ya saka, wata takwas batir ya mutu. Gaskiya ne, na ga irinsa da yawa, kuma yana min ciwo don sunan sana'armu ake ɓatawa. Yawanci batir ɗin ruwa ne aka saka, aka bar shi yana sauka har ƙasa kowane dare, alhali bai kamata a ci fiye da rabinsa ba. Wani kuma tsohon batir aka goge aka sayar masa a matsayin sabo, ko aka ja siririyar waya da ke zafi tana cinye wutar a hanya. Araha ba ta ado. Ni litiyom nake sakawa. Ya fi tsada, ba zan ɓoye ba, amma yana jure caji da saukewa sau dubbai, ba a zuba masa ruwa, kuma takardar garanti da sunanka za a rubuta ta, a hannunka za ta zauna.

Akwai abin da zan gaya maka tun yanzu don kada mu yi rigima daga baya. Dutsen guga da hita ba sa cikin wannan lissafin. A watan Agusta, in hadari ya rufe sama kwana biyu a jere, wutar za ta ragu, don haka kada ka sayar da injinka, ka lulluɓe shi ka ajiye, zan haɗa shi da inbatar yadda zai iya yin caji in ta kama. Lokacin hunturu ƙura na kwanciya a kan faifai, yaron shago ya hau da ruwa da tsumma mai laushi sau ɗaya a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Faifan kudu za su fuskanta, a ɗan karkace, kuma reshen darbejiyar nan da ya leƙo rufinka sai an rage shi, domin inuwa a kan faifai ɗaya tana rage ƙarfin duk waɗanda ke layi guda da shi.

Batun kuɗi, ba sai ka biya duka a lokaci guda ba. Kashi uku muke yi: na sayen kaya, na ranar haɗawa, sai na ƙarshe bayan ka yi mako biyu kana gani da idonka. Kuma ka aika yaro wurin mai kemis ɗin nan ba tare da ni ba, ya tambaye shi rabonsa da sayen fetur, ya duba firjinsa na allurai da dare.

Yau ba na karɓar ko sisi. Ga na'urar awo a jakata. In ka yarda, a ɗan janyo min firizar nan in karanta takardar da ke bayanta, in jona mata na'urar ta kwana, gobe bayan azahar in zo in ɗauki adadin in rubuta maka farashi a takarda, kowane kaya da kuɗinsa. Wa ke riƙe da makullin tsanin rufin, kai ne ko mai gidan?