Filajela da yadda bakteriya ke iyo zuwa wurin abinci

A darasin yau za mu duba filajela, zaren da bakteriya ke iyo da shi. Da furotin mai suna filajelin aka gina shi, kaurinsa kimanin nanomita 20, kuma a murɗe yake. Ba kaɗawa yake yi ba, juyawa yake kamar farfelar jirgin ruwa. A gindinsa, cikin fatar ƙwayar, akwai ɗan inji da ke aiki da kwararar furoton, wato haidirojin mai ɗauke da caji, daga waje zuwa ciki, ba da ATP ba, sinadarin da ƙwaya ta saba samun ƙarfi daga gare shi. Ku riƙe wannan, don nan ɗalibai suka fi zamewa a jarrabawa.

Ɗauki Escherichia coli, bakteriya mai filajela da yawa. Idan injinan suka juya saɓanin hannun agogo, zarurukan sukan haɗu su zama dami ɗaya, ƙwayar ta miƙe na kimanin daƙiƙa guda. Da sun koma bin hannun agogo sai damin ya warware, ta wuntsila, ta fuskanci duk inda ta samu kanta.

To, yaya take gano abinci? Ta yi ƙanƙanta ta auna bambancin sukari tsakanin gabanta da bayanta, don haka yanzu take gwadawa da ɗazu. In masu karɓar saƙo a jikinta sun ji abinci na ƙaruwa, aikin furotin CheA, mai ɗora wa furotin CheY fosfet, sai ya ragu, CheY mai ɗauke da fosfet, wanda ke sa injinan bin hannun agogo, ya yi ƙaranci, wuntsilawa ta jinkirta. Tafiyar da ta dace ta yi tsawo ke nan, wadda ba ta dace ba kuwa a katse ta da wuri. Da haka take isa, duk da ba ta da ikon zaɓen hanya.