Daga “hau” zuwa “assasa”: matakan kalmomin farawa

Ga sababbin ma'aikatan ɗakin labarai,

Jiya wani daga cikinku ya kawo mini labari ya ce ɗalibai sun “ƙaddamar da” jarrabawa. Na tambaye shi wa ya yanke kyalle, ya yi shiru. Shi ya sa na jera muku waɗannan kalmomi daga na hira zuwa na takardar hukuma.

A can ƙasa akwai “hau” da “kama” da “shiga”. Ta hau faɗa, suka kama dariya, ya shiga ba ni haƙuri. Kalmomin bakin shago ne, suna da rai, domin suna nuna abu ya zo ba shiri. Ku sa su a saƙon waya, a gajeren labari, ko a bakin ɗan wasan kwaikwayo. Amma kada in ga “kwamishina ya hau bayani” a labaran ƙarfe bakwai. “Kama” ce kaɗai ke sauya riga: “watan azumi ya kama” da “sabon alƙali ya kama aiki” duk sun shiga ko'ina. Ku kula da “tsiro da”, tana ɗauke da zargi. In kun ce shugaban makaranta ya tsiro da sabon kuɗi, kun riga kun yanke masa hukunci.

A tsakiya “fara” take, kuma ita ce jakar magori. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939; yaro ya fara tafiya. Ba inda ta yi nauyi, ba inda ta yi sako-sako. “Soma” ƙanwarta ce, a kunnena ta ɗan fi kama da rubutu, ko da yake wasu da ita suke magana kullum. Tana da amfani in “fara” ta maimaitu a sakin layi ɗaya.

“Kankama” ta fi su tsayi kaɗan, sai dai ma'anarta ta wuce farawa: aiki ya kankama in ya ɗauki hanya sosai. “Ɓarke” kuwa ta masifa ce. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, kwalara ma ɓarkewa take yi. Bikin aure ba ya ɓarkewa, sai dai in dangi sun ba hammata iska.

Sama da su akwai na taro da wasiƙar ofis. Ana buɗe taro da addu'a, ana aza harsashin gini, ana ƙaddamar da littafi ko shirin rigakafi, wato akwai biki da manyan baƙi. A ƙololuwa sai “kafa” da “assasa”. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. “Assasa” daga Larabci ta zo, ku ajiye ta don daula ko babbar cibiya.

Shi kuwa mai labarin jarrabawa, ya mayar da shi “sun fara”, ya dawo mini da shi kafin azahar.