Wasiƙa Zuwa Ga Malam A Gangare

Dei-Dei, Abuja
14 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malam. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan Malam yana lafiya, da iyali da almajirai baki ɗaya. Yaya ƙafar, yaya kuma sanyin Jos? Direbobin da ke zuwa suna cewa bana hunturu ya yi tsanani, har ruwan alwalar asuba sai an ɗora a wuta. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Ni ne Auta, na gidan marigayi mai atamfa, wanda Malam ke cewa bakinsa ya fi alƙalaminsa gudu. Na so in kira a waya, to na san kunnen Malam ba ya jin daɗinta, kuma a ɗakin da nake mu huɗu ne, ba a yin magana ta tsaya a inda aka yi ta. Na so kuma in rubuta da ajami, sai na tarar hannuna ya mutu. Wannan kaɗai abin kunya ne. Don haka Yaya ya karanta wa Malam, amma don Allah bayan an tashi daga karatu, zaure ya watse.

Mafarki na yi, sau uku cikin kwana goma sha biyu, kuma kusan iri ɗaya. Ban gaya wa kowa ba, ko Inna, domin a bakin Malam na ji cewa ba kowa ake ba labarin mafarki ba, sai masani ko masoyi.

Na gan ni a cikin babbar kasuwar Taminus. Malam ya san gobara ta cinye ta a 2002, ina da shekara uku, ban san ta ba sai kangonta da labarin da Baba ke bayarwa na shagonsa. Amma a mafarkin tana nan cif, da benayenta da rufinta, shaguna a buɗe, atamfa da shadda a jere. Sai dai babu kowa. Ba mai saye, ba mai sayarwa, ko kukan kaza babu. Ƙasa kuma duk ruwa ne, ya kai mini gwiwa, kore shar, marar motsi, irin na kududdufan da masu haƙar kuza suka bari wajen Bukuru, waɗanda ake hana mu wanka a ciki muna yara. Sanyinsa har ƙashi. Abin mamaki, ko tsumma ɗaya bai jiƙe ba a shagunan.

Ina ta kutsawa sai na hango Baba zaune a kan buzu, buzun kuma a saman ruwan, bai nitse ba. Ba tsoho ba kamar yadda ya bar mu a 2021. Gemunsa baƙi wuluk, fuska a cike, yana sanye da farar riga. Bai yi mini magana ba, bai kuma ɗaure fuska ba. A gabansa akwai ƙwarya cike da nono, fari tas, da allona na yarinta. Na gane shi saboda tsagar da ke wuyansa, wadda Malam ya ɗaure da waya ranar da na faɗi da shi a bakin rafin Dilimi.

Ya ɗauki ƙwaryar ya miƙo mini da hannu biyu. Na kai hannu zan karɓa, ashe hannuwana a cike suke da makullai, dami guda, masu nauyi, kuma na kasa buɗe yatsuna. Ina so in zubar, sun ƙi zuba. Shi kuwa bai janye ba, bai gaji ba, yana dai riƙe. Ina cikin wannan fama sai ruwan ya fara hawa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Allon ya taso yana yawo a gefena, rubutun da ke jikinsa yana nan ɗanye, ruwan bai wanke shi ba, amma na ƙura ido na kasa karanta ko harafi ɗaya. A nan nake farkawa, gab da kiran assalatu.

A karo na uku abu ɗaya ya canza. Makulli guda ya suɓuce ya faɗa ruwa, sai Baba ya bi shi da kallo, sannan ya dube ni. Wallahi Malam, na kasa gane ko murna ce a idonsa ko takaici. Wannan kallon ne ya hana ni sukuni, har jiya na auna wa wani mutum ƙusa kilo biyar alhali uku ya biya.

Na yi abin da aka koya mana. Da na farka na yi tofi sau uku ta hagu, na nemi tsari daga Shaiɗan, na juya kwanciya. Sai dai raina bai ba ni cewa mummuna ne ba, domin ban tashi a firgice ba. Kewa ce kawai da nauyi a ƙirji.

Ina tune da darasin da Malam ya yi mana cewa mafarki kashi uku ne: bushara daga Allah, da tsoratarwar Shaiɗan, da abin da mutum ya kwana yana saƙawa a ransa. Ina tune kuma da hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga an kawo masa nono a mafarki, ya sha, ya ba Sayyidina Umar ragowar, ya kuma fassara shi da ilimi. Shi ya sa ƙwaryar nan ta tsaya mini a rai. Akwai masu tallan littattafan fassarar mafarki a ƙofar masallacinmu ran Juma'a, na ɗauki ɗaya na mayar. Wanda ya tsaya a tsakiyar Iziyya bai kamata ya yi wa kansa fatawa ba.

Ba a ɓoye wa mai magani ciwo, don haka ga abin da ke ƙasa. Shekara huɗu ke nan rabona da zama gaban malami. Maigidana a nan kasuwar kayan gini ya damƙa mini makullan shaguna biyu da sito, ni ke buɗewa ni ke rufewa, kuma alhamdu lillahi da shi nake riƙe Inna. Na biyu, yayyena sun kawo maganar a sayar da gidanmu na Gangare a raba gado. Ni ma na ce to, don kasona zai ishe ni kama shagon kaina. Inna ba ta ce a'a ba, ta ce dai a bari a ga bayan azumi. Kwana biyu da wannan maganar na fara mafarkin.

To Malam, wanne ne a cikin ukun? In saƙar zuci ce, a faɗa mini in huta. In kuwa akwai ishara, makullan nan na shago ne ko na gida? Ruwan da ke hawa fa, tun da bai taɓa kaya ba sai ni? Sannan ganin mamaci cikin ƙuruciya da farin tufafi, yana nuna halin da yake ciki ne? Akwai wani bashin atamfa da na taɓa ji Baba ya ambata na wani mutumin Kano, ban san ko ya biya ba. Ko in bincika?

Direban da ya kawo takardar nan yana juyowa Abuja ran Asabar, in Malam ya ba Yaya amsa ya rubuta. In kuma magana ce da ba ta shiga takarda, Malam ya ce in zo kawai, zan nemi izinin kwana biyu in shigo motar asuba. Ga ɗan goro da turare, da man zafi saboda ƙafar, a yi haƙuri da ƙanƙantarsu. A gaida Hajiya, a kuma sa Baba a addu'a.

Wassalam.

Almajirin Malam,
Auta