Ƙorafi kan saurin intanet ɗin shagona

Litinin, 10 ga Fabrairu 2025

Zuwa ga Manaja, sashen kula da kwastomomi, ofishin Kano.

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan an tashi lafiya ya aiki.

Ni ne mai shagon kwamfuta da buga takardu da kuka ja wa faiba a Hotoro, lambar akawun ɗina na kan rasit ɗin da na haɗo. Tsarin 50 Mbps nake biya, naira 35,000 duk wata kuma ban taɓa lattin biya ba, amma wallahi abin da ke zuwa min da yamma ko kusa da rabinsa bai kai ba. Duk sanda na kira layinku magana ɗaya ce, kashe rawuta ka kunna, na kashe na kunna har na gaji, ƙarshe ma wata ta ce min wai ai "har zuwa 50" kuka ce. To 3 ma har zuwa 50 ce kenan?

Shi ya sa na zauna na auna na sati guda a fast.com, da kebul na jona kwamfutar kai tsaye a rawuta, na kashe waifai, babu kowa a kai balle a ce yaran shago ne ke kallon bidiyo. Ga abin da ya fito a Mbps, 7 na safe sai 2 na rana sai 8 na dare:

Litinin 3 ga wata: 46, 14, 4
Talata: 47, 11, 3
Laraba: 44, 16, 5
Alhamis: 48, 9, 3
Juma'a: 45, 21, 2
Asabar: 41, 7, ko shafin bai buɗe ba
Lahadi: 46, 12, 4

Hotunan sikirin duka suna haɗe, da lokaci a jikinsu.

Ku duba na safe. Rawutar da ke ba da 48 da safe lafiyarta ƙalau, wayar ma haka, ba ta lalacewa da magariba ta warke da asuba. Ni a ganina kun tara mutane ne a layin unguwar fiye da abin da zai ɗauka, kowa ya dawo gida ya hau sai mu koma raba ɗan abin da ya rage.

Ranar Asabar wani dattijo ya kawo takardun ɗansa a tura masa makaranta, fayil ɗin megabait 8 kacal, ya tsaya a kashi 60 ya ƙi motsi, mutumin yana ta kallon agogo, sai da na jona da datar wayata sannan ya tafi. Kullum haka, ina biyan ku ina kuma sayen data.

Abin da nake nema, ku turo injiniya ya auna a gabana da ƙarfe 8 na dare, ba da safe ba don Allah. Sannan a rage min kuɗin watan nan ko a ƙara min kwanaki. In kun san layin ba zai ɗauki 50 ba ku faɗa min a rubuce in sauka ƙaramin tsari. Zan jira amsa zuwa Litinin mai zuwa, in shiru zan kira 622 in kai wa hukumar NCC da waɗannan hotunan.

Na gode, a huta lafiya.

Sani mai kwamfuta, Hotoro