Jawabi ga Taron Gari kan Gonakin da Sabuwar Hanya Za Ta Ci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya ƙara girma. Allah gafarta Malam Liman, masu unguwanni, Sarkin Noma, iyayena maza, da iyayena mata da ke saurare daga zaure, sannunku da fitowa. Dagaci ne ya ce in tashi in yi bayani, tunda aikin lauya nake yi a Dutse kuma gonar mahaifina na cikin waɗanda aka kafa wa turaku.

Kowa ya ga 'yan safiyo ranar Talata. Sun ja igiya daga bayan kasuwa, sun ratsa ta gonakin jigawa, sun gangara har bakin fadama, suna kafa turaku masu jan fenti. Gwamnatin jiha za ta fitar da hanya ta nan. Tun ranar magana ta kasu biyu a majalisa. Wasu na cewa ƙasa ta gwamnati ce, sai haƙuri. Wasu na cewa gonar kakanninmu ce, ba mai taɓa ta. Abin da doka ta ce yana tsakanin maganganun nan biyu.

Dokar ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka kuma ɗaure ta a cikin tsarin mulkin 1999. Sashenta na farko ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, amma a matsayin amana, don amfanin jama'a. Mu kuma abin da ke hannunmu shi ne haƙƙin zama da noma. Wanda bai da takarda kada gabansa ya faɗi. Sashe na 36 ya ce wanda ke noma gona a karkara tun kafin dokar, yana nan a kanta tamkar ƙaramar hukuma ta ba shi takardar mallaka ta gargajiya. Gonar da ka gada daga mahaifinka tana cikin wannan. Duk wanda ya ce maka ba ka da shaidar mallaka don haka ba ka da diyya, bai faɗa maka gaskiya ba.

Gwamna na da ikon karɓar gona, wannan ba musu. Amma sashe na 28 ya yi masa iyaka. Dole ya zama don amfanin jama'a, kamar hanya, makaranta, asibiti, layin dogo ko turakun lantarki. Dole kuma a ba mai gona sanarwa a rubuce, da sa hannun jami'in da Gwamna ya wakilta, a miƙa maka ita ko a kai gidanka. In an nema ba a gano mai wurin ba, sannan a liƙa ta inda za a gani a wurin. Haƙƙinka ba ya faɗuwa sai ranar da takardar ta iso ka, ko ranar da aka rubuta a cikinta in tana gaba. Turke mai jan fenti bai zama sanarwa ba, haka ma shelar sanƙira ranar kasuwa. Kotun Ƙoli ta sha soke karɓar fili saboda ba a ba mai shi sanarwa yadda doka ta ce ba. Saboda haka in takarda ta zo, a karɓa, a rubuta ranar da ta zo a bayanta, a sa ta a leda a ɓoye inda gara ba za ta kai ba. Ƙin karɓa ba ya tsayar da katafila, sai dai ya bar ka hannu wofi.

Yanzu ga maganar da ta tara mu, wato diyya. Sashe na 44 na tsarin mulki ya ce ba a karɓe dukiyar mutum da ƙarfin hukuma sai an biya shi diyya ba tare da jan ƙafa ba, an kuma bar masa ƙofar kotu a buɗe. Diyya haƙƙinka ce, ba sai ka yi wa kowa godiya har ƙasa kafin a ba ka ba.

Sai dai akwai ɗaci a ciki, kuma gara ku ji shi daga bakina yau. Sashe na 29 na dokar ƙasa bai sa wa ƙasar kanta kuɗi irin na cinikin gona ba. Abin da ya ambata game da ƙasa zalla shi ne kuɗin hayar da ka biya hukuma a shekarar, in ka biya, mu kuwa nan ba mai biyan wannan. Abin da ake biya shi ne wahalar da ka zuba a kan ƙasar kuma tana nan ranar da aka karɓa: amfanin gona, itatuwa, gini, rijiya, shinge, aikin ban ruwa. Ni a ganina wannan gurguwar doka ce ga manomi, domin gero na shekara guda ake lissafa maka, alhali gonar ta ciyar da gidanku tun kakanni. Amma ita ce a ƙasa. Gwamnatocin jihohi kan fitar da jadawalin kuɗin da suke biya a kan kowane irin amfani da kowace bishiya, don haka abu na farko da za mu nema a rubuce shi ne a nuna mana jadawalin da za a yi aiki da shi a kanmu, da shekarar da aka yi shi, da ko akwai abin da aka ware wa faɗin gona. Jadawalin da aka rubuta lokacin da buhun gero ke da arha ba zai yi mana adalci yau ba, kuma muna da bakin faɗin haka.

Tunda abin da ke kan gona ake biya, ranar ƙidaya ita ce ranar da komai ke yankewa. Sakataren ƙaramar hukuma ya aiko wa Dagaci cewa masu ƙiyasi za su fara ranar Litinin ta sama, daga bayan kasuwa. Abin da bai shiga takardarsu ba a ranar, da wuya ya shiga daga baya. Kowa ya tsaya a gonarsa da ƙafarsa. Kada ka tafi cin kasuwar Gujungu ka bar yaro ɗan shekara goma ya nuna iyaka. Ka bi su bishiya bishiya: ɗorawa nawa, tsamiya nawa, kuka, mangwaro, dabino, giginya, har zogalen da matarka ta dasa a jikin shinge. Ka tabbata an bambanta mai 'ya'ya da ƙaramin dashe, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. 'Yan fadama, ku nuna rijiyar burtsatse da kuka haƙa, da bututun da kuka binne, da kwalbatin da kuka yi da kuɗinku. In akwai rasit, a fito da shi, domin aikin gyaran ƙasa doka ta ce sai da shaidar takarda. Gini kuwa ana lissafa abin da za a kashe a sake irinsa, a cire tsufan da ya yi. In kuma aka yi jinkirin biyan kuɗin gini, doka ta ɗora wa gwamnati ƙari a kai. Ko mutum zai karɓi wannan ƙarin, Malam Liman na nan, a tambaye shi.

Samari masu waya, ga aikinku. Kafin Litinin ku zaga ku ɗauki hoton kowace gona da mai ita tsaye a ciki, da turken da aka kafa, da itatuwan. Ranar ƙidaya kuma ku ɗauki hoton takardar da aka cike kafin ta shiga jaka.

Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. In da Turanci aka rubuta, a fassara maka da Hausa a gaban shaidu, ka ji sunanka daidai, ka ji faɗin gonarka, ka ji yawan itatuwanka. Takardar da aka bar gurbin kuɗi ko gurbin lissafi ba a cike ba, kada a sa mata hannu ko da wa ya kawo ta. Haka masu zuwa da dare su ce ka sayar musu da diyyarka yanzu a ba ka rabi a hannu, ko su ce a kawo wani abu a sa sunanka a gaba. Ba a sayen shiga jerin masu diyya.

Akwai abin da ya fi gwamnati ba ni tsoro, shi ne rigimar cikin gida. Gonaki da yawa a layin nan na gado ne da ba a raba ba. In babban wa ya rubuta sunansa shi kaɗai, kuɗi ya faɗa asusunsa, 'yan'uwa mata da ke gidajen aure da marayun ƙaninsa sai su ji labari a bakin rijiya. Ku zauna da Malam Liman a wannan makon, a rubuta magada duka, a amince da wanda zai wakilta, kowa ya sa hannu. Masu aro da haya da jingina su ma doka ba ta manta da su ba, ta ambaci mai gona ta kuma ambaci wanda ke cikinta. Wanda ya shuka albasa a fadamar da ya karɓa haya, albasar tasa ce, mangwaron da ya tarar a wurin na mai gona ne. A rubuta kowa da nasa. Makiyaya da burtali da filin idi kuwa na gari ne, kuma diyyar abin gari doka ta yarda a biya ta ga jama'a, ko ta hannun shugabansu don amfaninsu, ko a zuba a wani asusu. Ranka ya daɗe, ina roƙon in irin wannan ya zo a karanta adadin a bainar jama'a, don a tsare mutuncinka.

Gidaje huɗu na unguwar gabas da layin ya taɓa, ku saurara. Ana iya yi muku tayin wani matsuguni a madadin kuɗi. In kun karɓa, doka na ɗauka an gama biyanku, in kuma sabon wurin ya fi naku daraja, ragowar na iya zama bashi a kanku. Ku je ku gani da idonku kafin ku ce to. Batun musanya gona da gona kuwa, sashe na 6 ya ce in an karɓi gonar da mutum ke nomawa bisa haƙƙin gargajiya, ƙaramar hukuma ta ba shi wata gonar ya noma. Don haka za mu nemi a yi mana haka, musamman ga waɗanda gonarsu ɗaya tak kuma hanya za ta cinye ta.

Wanda aka yi wa ƙiyasi bai gamsu ba, ya rubuta ƙorafi zuwa kwamitin rabon filaye na jiha, wanda sashe na 30 ya ba alhakin sauraron saɓani kan adadin diyya, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In abin ya faskara, akwai kotu, akwai kuma hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali da hukumar karɓar koke-koken jama'a, duka suna da ofis a Dutse. A yi da wuri, don ƙarar hukuma tana da wa'adi. Abin da ba na so shi ne a tumɓuke turaku ko a tare ma'aikata da sanda. Ranar da aka yi haka, zancen diyya ya koma zancen beli.

Gobe bayan La'asar zan zauna a nan ƙofar fada da littafi, tare da Sarkin Noma da malamin makarantar firamare. Kowa ya zo da sunan gonarsa, da maƙwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa, da abin da ke cikinta, da kowace takarda da yake da ita, ko ta ciniki ce da aka rubuta da ajami. Iyayena mata da ba za su fito ba, ƙanwata za ta bi gida gida da safe ta rubuta nasu. Mai tambaya yanzu ya ɗaga hannu, Dagaci zai ba da izini.

Wassalamu alaikum.